Idan Bugun Zuciya Ya Raba Gari da Saurin Ƙafa

A gudun dogon zango, bugun zuciya da saurin ƙafa sukan tashi tare, amma in tafiya ta yi nisa sai su raba gari: saurin yana nan yadda yake, zuciya kuwa tana ta ƙara bugu. Girman wannan rata shi masu horar da 'yan gudu ke aunawa don gane juriyar jiki. Kocin nan ɗan Amurka, Joe Friel, shi ya yayata ma'aunin, kuma a manhajar TrainingPeaks yana fitowa da sunan Pa:HR.

Lissafin ba shi da wuya. Ana cire mintunan ɗumama jiki, a raba sauran gudun gida biyu daidai, a raba saurin kowane rabi da matsakaicin bugun zuciyarsa. A ɗauki mai gudun da ya yi minti 90 yana cin kilomita ɗaya cikin minti 6, wato kusan mita 167 a minti. A rabin farko zuciyarsa na bugawa sau 140 a minti, sakamakon ya zama 1.19. A rabi na biyu ta hau 150, ya sauka zuwa 1.11. Ya yi asarar kusan kashi 7 cikin 100 ke nan. A ƙa'idar Friel, ƙasa da kashi 5 shi ne alamar juriya ta zauna.

Ana yawan cewa duk wanda ya haura kashi 5 bai horu ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ba dukanta ba. Zafi kaɗai yana iya kawo haka. Jiki yana tura jini zuwa fata don ya huce, gumi kuma yana rage ruwan jini, sai abin da zuciya ke turawa a kowane bugu ya ragu, dole ta yawaita bugun don cike giɓin. Saboda haka gwajin da aka yi da hantsi a tsakiyar bazara ba a gwada shi da na asubahin hunturu, ko da mutum ɗaya ne a hanya ɗaya. Hawa da gangara da iska ma suna ɓata lissafin, haka nan agogon da ya yi sako-sako a wuyan hannu.

Wasu kuma suna ɗauka in bugun bai motsa daga 140 ba, to lafiya lau. Wannan kuskure ne tsantsa. Wanda ya riƙe bugunsa ta hanyar sassauta gudu, ratar tana nan, ta koma wajen saurin ne kawai.

Mafi cutarwa ita ce maganar cewa kashi 3 a gudun sa'a guda yana nufin an shirya wa gudun famfalaki na kilomita 42. Ma'aunin yana ba da shaida ne a kan saurin da tsawon lokacin da aka gwada kawai, kuma sai a gudu mai sauƙi wanda mutum zai iya hira a cikinsa. Abin da zai faru a sa'a ta uku, sai an kai can a auna.