Jarrabawa ɗaya, takarda iri biyu

A ajin da ɗalibai uku ke zama a benci guda, sanya ido kaɗai ba ya hana leƙe. Shi ya sa wasu malamai ke shirya takarda iri biyu, A da B, su raba su a jere: wannan A, na kusa da shi B.

Wahalar tana wajen daidaita nauyinsu. Malami ya fara rubuta abin da kowace tambaya za ta gwada da makinta, sannan ya yi mata tagwaye. Idan A ta ce a warware 3x + 5 = 20, B ta ce 4x + 7 = 31. Matakan ɗaya ne, amsoshin kuma 5 da 6. Amma da B ta zo da 4x + 7 = 30, amsar ba za ta fito cikakkiyar lamba ba, an kuwa zalunci rabin aji ke nan.

Sauya jerin tambayoyi kawai ya fi sauƙi, sai dai wanda ya fara cin karo da mai wuya yakan ɓata lokaci a kanta.

Bayan an duba takardu, a kwatanta matsakaicin makin ɓangarorin biyu. In tazarar ta yi yawa, a binciki tambayoyin kafin a zargi ɗalibai.