Yadda Ake Shawo Kan Mai Shago Ya Karɓi Sabon Kaya

Mai sabon kaya yakan shiga kasuwa da yabo cike da baki: ga ƙamshi, ga tsabta, ga auki. Shi kuwa ɗan kasuwa kansa na wajen lissafi. Nawa zai ci, kwana nawa kayan za su yi a kanta, in kuma suka yi kwantai wa zai ɗauki asarar? Tallan da bai amsa waɗannan ba, ko ya kai zuma zaƙi, ƙarshensa "ka dawo wani lokaci".

A ce kana haɗa garin kunun gyaɗa, leda 24 a katan. Kada ka je da hantsi, lokacin da ciniki ya kankama. Bari sai shago ya lafa, ka yi sallama, ku gaisa, ka miƙa masa leda ɗaya ya juya ta a hannu. Sannan ka ce:

"Alhaji, katan naira 12,000 ne, leda ta kama 500 ke nan. Kana sayarwa 600, ribarka 2,400 a katan. Ga lambar NAFDAC, ga ranar da zai lalace. Ɗauki rabin katan, sai an sayar ka biya. Ranar Asabar zan dawo, abin da ya rage in kwashe abina."

Daga nan ka ja bakinka ka bar shi ya yi lissafi. A ganina zancen kwashe ragowar nan ne ƙashin bayan tallan, domin shi ke cire masa tsoron binne jari a kayan da ba wanda ya taɓa nema. Sai dai fa kasadar ta dawo wuyanka, don haka kada ka zube kayanka duka bashi, kuma ku rubuta adadi da ranar biya a gaban yaron shago.

Dila irin na Kasuwar Singa a Kano lissafinsa daban ne, tunda katan-katan yake sayar wa masu shaguna. Dole ka sauko masa, a ce zuwa 11,000, don ya fitar a 12,000. Zai kuma tambaye ka katan nawa kake iya kawowa duk mako. Faɗi gaskiya, don dilan da ka bari da jama'a suna tambaya babu kaya ba zai sake kula ka ba. Haka ma in ya ji kana zagayawa kana ba masu saye a wurinsa farashinsa.

Idan mai shago ya fara neman ragi ko tambayar launin katan da girman leda, to ya ƙyasa. Idan ya tsaya a "kaya sun yi kyau, Allah ya ba da kasuwa", sallamarka ya yi cikin mutunci. Ka yi godiya, ka bar masa leda biyu ya gwada a gida, ka nufi shago na gaba.