Labari Ba Tare da an Buɗe Baki Ba

Duk shekara matasa na kai gajerun finafinansu bikin Zuma da Hukumar Finafinai ta Najeriya ke shiryawa a Abuja, ko bikin finafinai na ƙasa da ƙasa na Abuja da aka fara a 2004. Ciwon da ya fi damun irin waɗannan finafinai shi ne surutu: ɗan wasa ya yi fushi, sai kuma ya ce, "Raina ya ɓaci." Alhali ana iya ba da labari cikakke babu kalma ko ɗaya. A 1987 an yi fim ɗin Indiya Pushpaka Vimana, inda Kamal Haasan ya fito a matsayin matashi mara aikin yi, aka yi sama da awa biyu babu hira, kuma jama'a suka cika gidajen sinima.

Sirrin yana cikin jerin hotuna. Wajen 1920, Lev Kuleshov na Rasha ya ɗauki fuskar wani ɗan wasa wadda ba ta nuna komai, ya jera ta da kwanon miya, sannan da akwatin gawa, sannan da wata mace. 'Yan kallo suka ga yunwa, suka ga baƙin ciki, suka ga so, alhali fuskar ɗaya ce. Mai kallo da kansa yake ƙulla hoto da hoton da ya biyo shi.

A ɗauki fim na minti biyu kan wani mai neman aiki da zai taso daga Mararaba zuwa Sakatariyar Gwamnatin Tarayya. Matakin farko, a mayar da burinsa abin da ido ke gani, domin kyamara ba ta ɗaukar niyya. A nan ambulan ce ruwan ƙasa mai ɗauke da takardunsa. Da asuba a nuna hannunsa yana goge farar riga da dutsen guga na gawayi, ya lallaɓa ambulan ɗin, ya hure ƙurar da ke kanta. Kowane hoto ya yi daƙiƙa biyar zuwa shida, don mai kallo ya ji natsuwar ɗakin.

Da motar da ya hau ta maƙale a cunkoson Nyanya, sai mai tace fim ɗin ya fara gajarta hotuna: agogon hannu, jan fitilar birki, gumi a wuyan riga, agogo kuma. Daga daƙiƙa uku ya sauko biyu, ya sauko ɗaya. Wannan gajartawar ce ke sa zuciyar mai kallo bugawa. Hadari ya haɗo, ruwa ya tsuge, mai neman aikin ya cusa ambulan cikin riga, ya sauka daga motar ya ruga. Da ya isa ƙofar Sakatariyar, a nuna fuskarsa kusa-kusa, sannan a yanka zuwa hoto daga nesa: dogon layin mutane, kowa riƙe da irin ambulan ɗinsa. A bar wannan hoton ya yi daƙiƙa takwas ko goma. Tsawonsa zai yi nauyi ne saboda gajerun da suka gabace shi.

Sauti kuma shi ke faɗin abin da ba ya cikin hoto. Kiran sallah daga nesa ya wadatar a san lokaci. Idan aka shigo da ƙarar hon tun yana ɗaure takalmi a ɗaki, daƙiƙa ɗaya kafin a ga titi, mai kallo zai ji hankalinsa ya riga ya tafi hanya. A gaban layin sai a janye hayaniyar duka, a bar ɗigar ruwa daga rigarsa. Sai dai shirun fim ba kashe sauti ba ne. A kowane wuri a naɗi kamar minti ɗaya na amon wurin kowa ya yi tsit, a shimfiɗa shi a ƙarƙashi. In ba haka ba, 'yan kallo za su ɗauka lasifika ce ta lalace.

Kurakuran da aka fi yi biyu ne. Ɗan wasa ya koma nuni da hannu da zare ido kamar mai zance da kurma, ko a lafta kiɗan tausayi tun daga farko har ƙarshe don rufe giɓi. Gwajin mai sauƙi ne: a cire kiɗan, a nuna wa wanda bai san labarin ba, a ce ya faɗi abin da ya gani. Inda ya yi tuntuɓe, nan ne hoto ya ɓace ko aka yanka da wuri.

Salon yana da iyaka. Hoto ba ya iya cewa wannan dattijon kawunsa ne ba mahaifinsa ba, ko shekara nawa ya yi yana neman aiki. Labarin da ya rataya kan nasaba, alƙawari ko rigimar gado yana buƙatar baki. Wanda ya ginu kan mutum ɗaya, buri ɗaya da cikas da ake gani, shi ya kamata a gwada yi shiru.