Cire Tambari Daga Hotonka Ba Tare Da Dagula Saƙar Baya Ba

Masu sana'a da dama sun saba buga sunansu da lambar wayarsu a kan hoton kayansu kafin su watsa shi, don kada wani ya ɗauka ya yi talla da shi. Dabara ce mai kyau, sai dai ranar da lambar waya ta canza, ko aka ce a kawo hoton za a buga a kalanda, tambarin nan ya zama ƙarfen ƙafa. Idan kuma wayar da aka ɗauki hoton da ita ta ɓata, abin da ya rage shi ne kwafin mai tambari.

Kafin a taɓa komai, a fara neman asalin. A duba jakar DCIM a tsohon katin waya, a duba Google Photos, a tambayi wanda aka taɓa tura wa. Babu gyaran da zai kai hoton da ba a taɓa rubutu a kansa ba. Kuma maganar nan ta hoton da kai ka ɗauka ce. Hoton biki da mai hoto ya buga wa sunansa, ko da fuskarka ce a ciki, hanyarsa ita ce ka biya shi ya ba ka wanda ba tambari.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Wani mai sayar da huluna a Kasuwar Kurmi ta Kano ya ɗora hular Zanna Bukar a kan tabarmar kaba ya ɗauke ta hoto, sannan ya rubuta sunan shagonsa da farin rubutu a ƙasan hoton, a kan tabarmar. Yanzu yana son rubutun ya tafi. Ya buɗe Snapseed, ya zaɓi Healing, ya ja yatsa a kan rubutun sau ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan. Rubutu ya tafi kam, amma inda yake ya koma wani dogon jirwaye mai santsi, saƙar ta karkace, wani wurin ta ɓace. Duk wanda ya kalla zai gane an goge wani abu.

Dalilin haka lissafi ne mai sauƙi. Hoto tarin ƙananan ɗigo ne da ake kira fiksel, kuma hasken kowane launi a cikin ɗigo yana da lamba daga 0, wato baƙi ƙirin, zuwa 255, wato fari fat. Abin da ido ke gani a matsayin saƙa shi ne bambancin da ke tsakanin maƙwabtan ɗigo: bayan zaren kaba yana da haske, a ce 200, ramin da ke tsakanin zare da zare yana da duhu, a ce 60. Duk kayan gyaran da ya gauraya waɗannan biyun zai ba da 130 a nan, 130 a can. Launin bai yi nisa da na tabarma ba, amma saƙar ta mutu. Burushi mai laushin baki yana yin wannan gauraye. Burushin da aka rage wa ƙarfi zuwa rabi ma yana yi, domin yana ɗora sabuwar saƙa a kan tsohuwa, ramin wannan ya faɗa kan tudun waccan. Maimaita shafa a wuri ɗaya shi ya fi su ɓarna. Saboda haka aikin duka ya tsaya a kan abu ɗaya: a kwafo saƙa lafiyayyiya a dasa ta daidai, kada a gauraya.

Wannan aiki ya fi son kwamfuta. GIMP kyauta ce, Photoshop na kuɗi ne, kuma dukansu suna da abin da ake buƙata. Da an buɗe hoton, sai a yi kwafin leyarsa a yi aiki a kan kwafin, asalin yana ƙasa ba a taɓa ba. Sai a zuƙo hoton zuwa 200% a ƙura wa haruffan ido, domin akwai tambayar da za ta raba hanya: ana hango saƙar ta cikin rubutun, ko kuwa rubutun ya rufe ta ruf?

Idan ana hangowa, an yi sa'a, kuma a nan ne mutane da yawa ke yin asara ba su sani ba. Suna goge saƙar gaskiya da ke kwance ƙarƙashin rubutun, su maye gurbinta da ta aro, alhali farfaɗo da ita kawai ake buƙata. A ce mai hula ya sa farin rubutun da ƙarfin kashi 30 cikin 100. A mafi yawan manhajoji, kowane ɗigo da rubutun ya hau zai zama kashi 30 na fari da kashi 70 na asalinsa. Ɗigon da yake 100 zai koma kusan 147, baƙi ƙirin kuma zai koma kusan 77. Ba abin da ya ɓace, an dai matse komai ne zuwa ɓangaren haske. Don a mayar, sai a zaɓi haruffan kaɗai, a buɗe Levels, a ja alamar baƙi ta Input Levels daga 0 zuwa 77. Ɗigon nan mai 147 zai dawo 100, saƙar ta fito da duhunta da haskenta. In ba a tuna ƙarfin da aka sa ba, a riƙa jan alamar sannu a hankali har cikin harafi ya saje da wajensa.

Wahalar tana wurin zaɓen haruffan, kuma a nan kasancewar hoton naka ne yake amfani. Kai ka yi tambarin, wataƙila fayil ɗinsa yana nan, ko ka san salon rubutun da ka yi amfani da shi. Ka ɗora shi a sabuwar leya, ka daidaita girma da wuri har ya hau kan tsohon cif, sannan a GIMP ka danna Alpha to Selection. Ka ɓoye wannan leyar, ka koma kan hoton ka yi Levels. Zaɓen da hannu ma yana yiwuwa, amma yana cin lokaci.

Dabarar tana da iyaka. Jan Levels yana ƙara girman duk wani datti da ke cikin hoton. A ƙarfin kashi 30, ƙarin bai kai ninki ɗaya da rabi ba, ido ba ya damuwa. A kashi 80 kuwa ninki biyar ne, domin matakan haske 256 an cusa su cikin kusan 51, abin da zai fito sai ya yi ƙuraje. Sannan ko an yi nasara, siririn zane zai rage a gefen kowane harafi. JPEG yana matse hoto ne a ƙananan murabba'ai na fiksel 8 sau 8, kuma yakan bar 'yar inuwa a kewayen duk abu mai kaifin baki irin rubutu. Hoton da ya bi ta WhatsApp sau biyu ko uku, inuwarsa ta fi yawa. Wannan zanen da kayan kwafi ake cire shi, wato hanya ɗaya da ta rubutun da ya rufe saƙa gaba ɗaya.

Kayan kwafin sunansa Clone a GIMP, Clone Stamp a Photoshop. Ana riƙe Ctrl a GIMP, ko Alt a Photoshop, a danna wurin da za a ɗebo, sannan a danna wurin da za a dasa. A fara da auna saƙar. Idan faɗin zare ɗaya ya kai fiksel 12, burushi mai faɗin 30 zuwa 40 ya isa, ya ɗauki zare biyu ko uku a lokaci guda. Opacity ya tsaya a 100, Hardness kuma wajen 70 zuwa 80, yadda gauraye zai taƙaita a bakin burushi kawai. A kunna Aligned don wurin ɗiba ya riƙa bin hannu.

Dannawar farko ita ce aikin. A nemi mahaɗar zare biyu a wuri lafiyayye a ɗebo daga nan, sannan a sauke burushin a kan mahaɗa irinta da ke dab da harafin, kamar yadda tela ke haɗa zanen atamfa a wurin ɗinki har ba a gane inda ƙyalle biyu suka gamu. In aka kauce da rabin zare, layin saƙar zai karye, kuma ido yana saurin kama karyayyen layi fiye da bambancin launi. A yi ta dangwalawa kaɗan-kaɗan ana bin hanyar da zaren ya nufa, ba a ja dogon layi ba.

Wurin ɗiba ma yana da ƙa'ida. Tunda an ɗauki hoton tabarmar a karkace, zaren da ke kusa da kyamara ya fi girma, na nesa ya fi ƙanƙanta kuma wataƙila ya yi dishi-dishi. Don haka a ɗebo daga dama ko hagun rubutun, a sahu ɗaya da shi, ba daga sama ko ƙasa ba. Bayan dangwale uku ko huɗu a sauya wurin ɗiba. In ba haka ba, wani ɗan baƙin tabo da ke jikin kaba zai bayyana sau uku a jere da tazara iri ɗaya, kuma wannan shi ne tambarin mai gyara, ya fi na farko tona asiri.

Heal, ko Healing Brush, sai a ƙarshe. Shi yana ɗebo saƙa daga wurin ɗiba, amma haske da launi yana aro su daga kewayen inda aka dasa. Idan farin harafi yana nan kusa, zai jawo farin ya watsa cikin gyaran, abin da ya faru da mai hula ke nan a waya. Haka zai jawo launin hular idan aka matso bakinta. Amfaninsa shi ne bayan Clone ya cinye farin duka, a bi gaɓoɓin da haske ya ɗan bambanta a daidaita su, dangwale ɗaya a kowane wuri.

Photoshop yana da Content-Aware Fill tun fitowar CS5 a 2010, GIMP kuma ana ƙara masa Resynthesizer. Suna aiki sosai a kan yashi, ciyawa ko bangon laka, inda saƙar ba ta da tsari. A kan tabarma, bulo ko shadda mai zane sukan karya layi. Wanda zai gwada su ya yi harafi ɗaya-ɗaya, ya kuma faɗaɗa zaɓen da fiksel 2 ko 3 don inuwar gefe ta shiga ciki. A ganina, ga tabarma hannu ya fi.

Ana duba aiki a 100% da kuma 50%, ana kashe leyar gyara ana kunnawa. Wurin da ya fi kewayensa santsi, gauraye ya shige shi, gara a sake shi daga leyar asali da a ƙara shafa a kai. A ajiye aikin a XCF ko PSD, a fitar da JPEG sau ɗaya kawai da inganci 90 zuwa 95, in za a tura wa mai buga kalanda ta WhatsApp kuma a tura shi a matsayin Document don kada a sake matse shi.

Akwai inda duk wannan ba ya kaiwa. Da a ce rubutu mai rufewa ruf ya hau kan aikin hular kanta, babu wurin da za a ɗebo, domin zanen wannan ɓangaren ba lalle ya maimaitu a wani wuri cikin hoton da girma da karkata iri ɗaya ba. Abin da za a dasa zai zama zanen da maɗinki bai ɗinka ba, mai saye kuma zai karɓi hular da ba ita ya gani ba. In hular tana shago, a sake ɗaukarta hoto, a ajiye asalin daban, a buga tambari a kan kwafi.