Wasiƙar Wata-wata: Yadda Kantin Littattafai Ke Riƙe Masu Karatunsa ta Imel

A kowane wata, ƙungiyar masu sayar da littattafai ta Amurka, American Booksellers Association, tana fitar da jerin littattafan da take kira Indie Next List. Tsarinsa ba ya sauyawa: sunan littafi, sunan marubuci, sai 'yan layuka kaɗan da wani mai sayar da littattafai ya rubuta da kansa, da sunansa da na kantinsa a ƙasa. Mai karatu ya san abin da zai tarar tun kafin ya duba, ya kuma san lokacin da zai zo. Waɗannan abubuwa biyu, tsayayyen fasali da tsayayyar rana, su ne ƙashin bayan wasiƙar imel da kowane kantin littattafai zai aika wa abokan cinikinsa, a Zariya yake ko a Zinder.

A ɗauki misalin wani kanti da ya tara adireshin imel na mutum 600, waɗanda suka rubuta da hannunsu a rajistar da ke kan kanta, suka kuma yarda a riƙa aiko musu da saƙo. Yardar nan ba ƙaramin abu ba ce, domin dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ba mutum ikon cewa a daina aiko masa da talla. Mai kantin ya zaɓi Asabar ta farko a kowane wata, da ƙarfe tara na safe. Yana da dalili: albashi bai daɗe da shiga ba, kuma mutane na da sararin leƙowa kasuwa a ranar.

Wasiƙar tasa sashe biyar gare ta, a jere ɗaya kullum. Na farko gaisuwa ce da ba ta wuce layi huɗu ba, tana faɗin abu guda da ya faru a kantin cikin watan. Na biyu shi ne Sababbin Shigowa: littafi huɗu, kowanne da hoton bangonsa, da farashinsa, da jimla biyu kan abin da ya ƙunsa. Na uku Zaɓin Ma'aikaci, inda ɗaya daga cikin yaran kanti ke bayanin littafin da ya karanta da kansa. Na huɗu Daga Rumbu, wato tsohon littafi guda da ake tuna wa mutane da shi. Na ƙarshe Abin da Ke Tafe, wanda ke ɗauke da ranar zaman karatu ko zuwan wani marubuci, da lokutan buɗe kanti. Duka-duka kalma 500 zuwa 600 ta isa.

Sashe na uku da na huɗu su ne suka fi cin aiki, kuma su ne ke bambanta wasiƙar da takardar talla. Idan yaron kanti ya rubuta cewa littafi ya yi daɗi ƙwarai, bai faɗi komai ba. Abin da ake so shi ne ya faɗi wa littafin ya dace da shi, da abin da ya riƙe shi har ya kai ƙarshe, cikin kalma kamar 80. Haka a sashen Daga Rumbu. A ce watan nan an ɗauko Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa: sai a ambaci cewa ya fito a 1934, daga gasar rubutun da ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, a faɗi cewa labarin yana bin yaron da aka raba da mahaifiyarsa a zamanin cinikin bayi, sannan a faɗi kwafi nawa suka rage a kanti. Wanda ya karanta shi a makaranta zai tuna, wanda bai taɓa gani ba ya samu dalilin tambaya.

Amfanin tsayayyun sassa ga mai rubutu shi ne ba ya zama gaban farar takarda yana tunanin ta ina zai fara. Gurbi biyar ne ke jiransa, kuma ana cika su a hankali. Mako uku kafin ranar aikawa, ana zaɓar littattafan, a sanar da wanda Zaɓin Ma'aikaci ya faɗo kansa. Saura mako biyu, a ɗauki hotuna a karɓi rubutun. Saura mako guda, a haɗa wasiƙar a cikin manhajar aikawa irin su Mailchimp ko Brevo. Ranar Alhamis a aika gwaji zuwa wayar mutum biyu, su latsa kowane mahaɗi su ga inda ya kai su. Ranar Juma'a da yamma a sake ƙirga kwafin da ke kan kanta, domin babu abin da ke zubar da mutuncin kanti kamar mutum ya hau mota ya zo neman littafin da ya ƙare tun Laraba.

Kalandar shekara ma tana rage wahala. Wasiƙar Satumba ta littattafan makaranta ce, ta Agusta tana iya jingina da Ranar Hausa ta Duniya, 26 ga watan, ta Afrilu kuma da Ranar Littafi ta Duniya, 23 ga wata. Azumi kuwa yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, don haka sai an duba tun farkon shekara wace wasiƙa ce za ta riga shi, a sa littattafan tafsiri da na addu'o'i a cikinta. Sassan suna nan yadda suke, kayan cikinsu ne ke bin lokaci.

Me zai faru idan aka yi wata uku shiru, sannan aka turo saƙo huɗu a mako guda? Mutane kan manta sun taɓa ba da adireshinsu, sai su latsa Spam. Ƙa'idar da Gmail ya fara aiki da ita a Fabrairun 2024 ta nemi masu aikawa su riƙe irin wannan ƙorafi ƙasa da kashi 0.3 cikin ɗari. A cikin mutum 600, biyu kacal sun isa su haye wannan iyaka, kuma idan abin ya yawaita, saƙonnin kantin kan daina isa akwatin da ake dubawa. Shi ya sa mahaɗin fita daga jerin ya kamata ya kasance a fili a ƙasan kowace wasiƙa. Shi ya sa kuma tura wasiƙa ta Bcc daga Gmail na kyauta ba ya ɗorewa: yana da iyakar mutum 500 a rana, kuma ba shi da maɓallin fita.

Akwai wata matsalar da tsawo ke jawowa. Idan nauyin saƙo ya wuce 102KB, Gmail yana datse shi ya rubuta "Message clipped", sai sashen ƙarshe da mahaɗin fita su ɓuya. Gwajin ranar Alhamis ne ke tona wannan, maganinsa kuma rage yawan littattafai da ƙawa.

Wajen auna nasara, adadin waɗanda manhaja ta ce sun buɗe saƙo ba abin dogaro ba ne sosai tun 2021, lokacin da Apple ya fito da tsarin da ke sa saƙo ya bayyana kamar an buɗe shi ko da ba a karanta ba. Mai kantin na misalinmu yana duba abu uku a Asabar ta biyu: mutum nawa suka latsa kowane littafi, nawa suka fita daga jerin, da kwafi nawa aka sayar daga littattafai shidan da aka ambata. Idan wata uku a jere babu mai latsa Daga Rumbu, sai ya sauya sashen da wani, ya kuma sanar da masu karatu a gaisuwar wasiƙar da ke biye.