Tsohuwar Kwamfutarka Ba Ta Mutu Ba, Kaya Aka Yi Mata Da Yawa

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare tsakanin ɗaliban Yelwa da Gubi da Gwallameji, kuma ta ishe ni. Da zarar kwamfutar cinya ta gwanjo ta fara nauyi, sai a kai ta shago a yi mata fomatin, a cusa mata Windows 11 ta bayan gida, alhali ba a ƙera ta don shi ba. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuwa yana neman TPM 2.0 da injin Intel na zubi na takwas ko sama da haka. Galibin kwamfutocin da ke hannun ɗalibanmu sun girmi wannan sharaɗi nesa ba kusa ba. Ɗora musu shi tamkar ɗora wa Keke Napep lodin tirela ne. Mafita ga mutane da yawa ita ce ChromeOS Flex, tsarin da Google ya fitar kyauta a watan Yulin 2022 don tsofaffin kwamfutoci, wanda kusan duk aikinsa a cikin burauzar Chrome ake yi.

Sai dai da ka ambace shi za a tare ka da cewa ai wannan ba ya aiki sai da data, kuma a garin da wuta da sabis suke zuwa sanda suka ga dama, wa zai yarda? Masu faɗin haka yawancinsu ba su taɓa kunna shi ba, ji suka yi suka ɗauka. Gaskiya ne ana buƙatar intanet ranar farko, lokacin da za ka shiga da asusunka na Google. Bayan nan kwamfutar tana buɗewa da kalmar sirrinka ko babu sabis. Manhajar Files tana nuna duk abin da ke cikin kwamfutar da na filas, takardun PDF na darasi suna buɗewa, bidiyo da karatun da ka sauke suna kunnuwa. Rubutu ma haka ne, muddin ka yi abu guda tun kana da data: ka shiga saitin Google Drive ka kunna Offline. Daga nan Docs da Sheets da Slides za su karɓi rubutunka ba tare da intanet ba, su ajiye shi a kwamfutar, su tura shi sama idan sabis ya dawo. Wanda bai kunna wannan ba, ya wayi gari babin furojet ɗinsa ya ƙi buɗewa, sakacinsa ne, kada ya ɗora wa tsarin laifi. Sannan mu tambayi kanmu tsakani da Allah, me muke yi da kwamfutar? Rajistar kwasa-kwasai a shafin makaranta, biyan kuɗi ta Remita, cike fom, neman takardun bincike, WhatsApp, aika wasiƙa. Duk waɗannan a burauza ake yin su, kuma ko a Windows ne sai da data.

Mu ɗauki HP EliteBook 8470p, samfurin 2012, mai Core i5 na zubi na uku da ram gigabayit 4 da faifan ajiya mai juyawa. Ta cika abin da Google ya gindaya, wato injin Intel ko AMD mai 64-bit, ram gigabayit 4, da wurin ajiya gigabayit 16. Ka nemi filas mai gigabayit 8 ko fiye, wanda babu abin da kake so a cikinsa, domin za a goge shi. A wata kwamfutar mai Chrome, ka saka Chromebook Recovery Utility, ka danna Select a model from a list, ka zaɓi Google ChromeOS Flex, sannan ChromeOS Flex. Abin da za a sauke ya haura gigabayit ɗaya, don haka ka tanadi data da caji. Idan ya kammala, ka kashe tsohuwar kwamfutar, ka soka filas ɗin, ka kunna kana danna F9. A Dell da yawancin Lenovo F12 ne. Allo zai ba ka zaɓi biyu, kuma a nan ne masu gaggawa suke kuka da idonsu. Ka zaɓi Try it first, wanda ke tafiyar da tsarin daga kan filas ba tare da taɓa kayanka ba. Ka gwada Wi-Fi, da sauti, da kamara, da madannai, ka rufe murfin ka buɗe ka ga ko ta farka. Idan Wi-Fi ya ƙi ganin layin wayarka a gwaji, to kada ka sa rai zai gani bayan an girka, tsaya nan. In filas ɗin ma ya ƙi tashi, canza wani, domin wasu samfuran SanDisk suna ba da matsala. Idan komai ya yi daidai, ka kwashe furojet da hotuna da takardun shaidarka zuwa wani wuri, ka buɗe su a can ka tabbatar sun kwafu, kafin ka danna Install ChromeOS Flex. Wannan maɓalli yana share faifan baki ɗaya, kuma tsarin ba ya zama tare da Windows a kwamfuta ɗaya.

Wani zai ce to ina Word, malamai da masu shagon buga takardu ai shi suka sani? Docs yana fitar da takarda a matsayin .docx, amma jadawali da lambobin shafi sukan gurɗe, don haka PDF za ka kai wa mai bugawa. Ƙorafin da na yarda da shi ɗari bisa ɗari shi ne na masu manhajoji na musamman. Ɗalibin injiniya da ke zane da AutoCAD na kwamfuta, da mai lissafi da SPSS, da mai buga katin biki da CorelDRAW, wannan tsari ba nasu ba ne, fayil mai ƙarewa da .exe ba ya tafiya a kansa. Babu Play Store, ba ya karanta faifan DVD, kuma ba kowace tsohuwar firinta yake ganewa ba. Duk mai gyaran da ya girka wa mutum shi ba tare da tambayarsa aikin da yake yi ba, ya ci amanarsa, ko da kyauta ya yi masa.

Haka kuma kada a mai da shi maganin kowace cuta. Sauƙinsa ya zo ne daga raguwar abubuwan da ke gudana a ɓoye, amma burauza ita kanta maciyar ram ce, gigabayit 4 zai fara haki idan ka buɗe shafuka ashirin. Kwamfutar da aka ƙera kafin 2010 da wuya ta yi daɗi. Faifan da ke ƙara ƙas-ƙas yana gab da mutuwa, a canza shi da SSD. Mataccen batiri da fankar da ƙurar hunturu ta toshe, babu manhajar da ke gyara su.

Kafin ka sake kai kwamfutarka fomatin, ka zauna ka rubuta manhajojin da ka buɗe cikin watan da ya wuce. Idan babu wadda ta fita daga burauza da rubutu da kallo, ka ari filas ka gwada. Idan akwai ko da ɗaya da abincinka ko digirinka ya rataya a kanta, ka bar Windows ɗinka, ka kashe kuɗin a kan SSD da ƙarin ram.