Me ya sa matakai biyar ba sa ba da ninki biyar?

Firosesa irin ta MIPS tana raba aikin kowane umarni zuwa mataki biyar: ɗauko shi, gane shi, lissafi, leƙa ma'adanar bayanai, sai ajiye sakamako. Kamar leburori ne a jere suna miƙa wa juna bulo: kafin na farko ya isa hannun magini, huɗu na biye da shi. Idan komai lafiya, duk bugun agogon na'urar umarni ɗaya ke kammaluwa. Matsakaicin yawan bugun da umarni ke ci shi ake kira CPI, a nan ke nan 1 ne.

Sai dai layin yana cijewa. Duba wannan:

```
lw  $t0, 0($s1)
add $t2, $t0, $t1
```

Umarni na biyu yana buƙatar abin da na farko ya je ɗaukowa, amma ba ya isowa sai ƙarshen mataki na huɗu. Ko an miƙa masa kai tsaye, dole ya jira bugu ɗaya. Matsala ta biyu ita ce umarnin reshe, mai zaɓar inda shirin zai nufa. Na'ura kan yi hasashe ta ci gaba, in hasashen ya kuskure ta zubar da abin da ta ɗauko.

A ce cikin umarni 100, guda 25 na ɗauko bayani ne, kuma kashi 40 cikin ɗari nasu ne ake buƙatar sakamakonsu nan take. An yi asarar bugu 10. A nan masu koyo suka fi tuntuɓe: sai su ɗora asarar a kan duka 25, alhali 15 ba su tsayar da kowa ba. A ce kuma guda 20 rassa ne, ana kuskure kashi 30 cikin ɗari nasu, kowane kuskure na cin bugu 2. Rassa 6 ke nan, bugu 12.

```
CPI = 1 + 0.25×0.40×1 + 0.20×0.30×2 = 1.22
```

To, nawa aka ƙaru? Ɗauki cewa matakai uku na cin fikosakan 200 kowanne, biyu kuma 100. Na'urar da ke gama umarni kafin ta taɓa wani tana cin 800. Mai layi kuwa tilas agogonta ya bi mataki mafi nawa, wato 200, don haka tun kafin wani cikas ninki 4 ne iyakarta. Da cikas, umarni na cin 1.22 sau 200, wato 244. Raba 800 da 244, ka sami kusan ninki 3.28.

Gyaran da ya fi araha, a ganina, shi ne manhajar da ke fassara shirin ta cusa wani umarni marar alaƙa tsakanin lw da add. In kashi 40 ɗin nan ya sauko 10, CPI ya koma 1.145, ninkin kuma ya hau kusan 3.49, ba tare da an taɓa na'urar ba.